Waƙafi da Ɗaukar Nauyin Makarantun Musulunci: Daga Mustansiriyyar Bagadaza zuwa Zauren Malam a Ƙasar Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi tambaya guda a tarihin ilimin Musulunci: wa ke ciyar da malami da ɗalibinsa, kuma yaya hanyar ciyarwar ke tsara makaranta? An kwatanta tsari biyu. Na farko shi ne madarasar da waƙafi ya ɗauki nauyinta, kamar Nizamiyya da Mustansiriyya a Bagadaza. Na biyu shi ne makarantar allo da ta zaure a ƙasar Hausa, wadda ta tsaya a kan malami da guminsa da alherin jama'a. An nuna cewa sharuɗɗan fiƙihun Malikiyya da yanayin mallakar ƙasa sun taimaka wajen rarrabe tsarin biyu. Daga ƙarshe an gwada lissafin waƙafi a kan makarantar da aka ƙaddara a gari irin Darna Sabon Gari ta ƙaramar hukumar Illela, domin a ga abin da zai iya ɗauka da inda yake lalacewa.

Fitilun kalmomi: waƙafi, hubusi, madarasa, makarantar zaure, naziri, hurumi

1.0 Gabatarwa

Darna Sabon Gari mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, daf da iyakar Nijeriya da Nijar, inda Birnin Ƙonni ke tsallake. Yankin yana tsakanin wurare biyu masu daraja a tarihin ilimi: Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, da Degel, inda ya karantar kafin hijirarsa zuwa Gudu a 1804. Duk da ɗimbin malamai da littattafan da wannan ƙasa ta fitar, makarantar da ta yi suna a cikinta sunan malaminta take ɗauka. Ana cewa wane ya yi karatu wurin Malam wane, ko a zauren wane. A Bagadaza da Alƙahira da Fas kuwa, akwai makarantun da suka ɗauki sunan wanda ya gina su, suka kuma ci gaba da aiki ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarsa da ta malamansu na farko.

Sau da yawa akan fassara wannan bambanci da cewa can akwai tsari, nan kuwa babu. Maƙalar nan ta ɗauki wata hanyar. Kowanne daga cikinsu tsari ne cikakke, kuma abin da ya raba su shi ne inda abincin malami da ɗalibi ke fitowa.

2.0 Ma'anar Waƙafi da Sharuɗɗansa a Malikiyya

Asalin kalmar waƙafi a Larabci tsayawa ne ko tsayarwa. Daga tushe ɗaya Hausa ta sami waƙafin da ake sa wa jimla domin mai karatu ya ɗan dakata. A fiƙihu, waƙafi shi ne a tsare asalin dukiya, ba sayarwa, ba kyauta, ba gado, a riƙa sarrafa amfaninta ta hanyar alheri. Malaman Malikiyya sun fi kiransa hubusi, sunan da Hukumar Zakka da Hubusi ta jihar Kano ta ɗauka. Babbar madogararsa ita ce labarin filin da Sayyidina Umar ya samu a Haibar, wanda Manzon Allah (SAW) ya ba shi shawarar ya tsare asalinsa ya yi sadaka da amfaninsa.

Rukunan waƙafi huɗu ne: mai yin waƙafin, da dukiyar, da waɗanda za su amfana, da lafazin da ya ƙulla shi. Sai kuma naziri, wato mai kula da dukiyar, wanda ke karɓar kuɗin haya ko amfanin gona, ya yi gyara, ya raba saura bisa sharaɗin mai waƙafi.

Malikiyya ta sassauta a wasu wurare. Ta yarda da waƙafin abin da ake ɗauka, kamar littattafai da dabbobi, ta kuma yarda a yi shi na ƙayyadadden lokaci. Amma ta tsananta a wuri guda, wato sharaɗin hauzi: dole dukiyar ta fita daga hannun mai ita, ta shiga hannun masu amfana ko nazirinsu, tun kafin ya rasu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye dukiyarsa. In ba haka ba waƙafin ya ɓaci, dukiyar ta koma gado ko hannun masu bin bashi. Muhtasar na Halil ya kawo cewa wanda ya yi waƙafin gidan da yake zaune, sannan ya koma cikinsa kafin shekara ta cika, ya warware abin da ya ƙulla. Haka kuma idan ya shardanta cewa shi ne zai zama nazirin waƙafinsa.

Wannan hukunci na ƙarshe yana da tasiri a tarihi. George Makdisi, a littafinsa kan tasowar madarasu da ya fito a 1981, ya yi nuni da cewa a mazhabobin da suka yarda mai waƙafi ya riƙe nazirci, attajiri ko basarake na iya gina madarasa, ya tsare dukiyarsa daga ƙwace, ya naɗa malaman da yake so, ya kuma bar wa zuriyarsa kujerar. A ƙasashen Malikiyya wannan kwaɗayi ya ragu. Shi ya sa manyan madarasun Magrib, kamar Aɗɗarin da Bu Inaniyya da aka gina a Fas a ƙarni na 14, sarakunan Banu Marin ne suka gina su.

3.0 Madarasar Waƙafi: Nizamiyya da Mustansiriyya

An daɗe ana karatu a masallatai da gidajen malamai kafin a san madarasa. Sabon abin da madarasa ta kawo shi ne haɗa abu uku ƙarƙashin takardar waƙafi guda: wurin karatu, da makwancin ɗalibai, da albashi mai ɗorewa.

Wazirin Saljuƙawa Nizamul Mulki ya fara gina Nizamiyyar Bagadaza a 1065, aka buɗe ta a 1067. An keɓe ta ga Shafi'iyya, aka kuma tanadi kujerarta ga Abu Ishaƙ Shirazi. Ranar buɗewa bai zo ba, saboda an gaya masa cewa akwai ƙwace a filin da aka yi ginin. Ibn Sabbag ya riƙe kujerar kimanin kwana 20 kafin a shawo kan Shirazi. Wannan labari ya nuna cewa tun daga ranar farko halaccin dukiyar waƙafi abin tuhuma ne ga malamai. A wannan makaranta Imam Gazali ya karantar daga 1091 zuwa 1095.

Mustansiriyya ta fi fito da tsarin a fili. Halifa Mustansir ya fara gina ta a bakin kogin Dijla a 1227, aka buɗe ta a 1234. An tara mazhabobi huɗu a cikinta, kowace da zaurenta. An ƙayyade wa kowace mazhaba ɗaliban fiƙihu 62, jimilla 248. Kowane zaure yana da mudarrisi, wato babban malami mai kujera, da mu'idai huɗu masu maimaita darasi. Akwai sashen Alƙur'ani na marayu 30, da sashen hadisi, da likita mai duba marasa lafiya yana kuma koyar da ɗalibai, da taskar littattafai mai ma'aikatanta, da madafa, da wurin wanka. Kowa, tun daga mudarrisi har mai shara, yana da rabon gurasa da abinci a kullum da kuɗi a wata. Duk wannan daga amfanin ƙauyuka da gonaki da gidajen haya da aka tsare wa makarantar yake fitowa.

Ibn Baɗɗuɗa ya ziyarci Bagadaza a 1327, kusan shekara 70 bayan Mongol sun ci birnin a 1258, ya tarar ana karatu a Mustansiriyya. Ya siffanta malami zaune a kan kujera ƙarƙashin wata 'yar ƙubba ta katako, sanye da baƙaƙen tufafi da rawani, da mu'idi a damansa da wani a hagunsa suna maimaita abin da ya faɗa. Halifancin da ya gina makarantar ya faɗi, amma makarantar ta ci gaba, domin abincinta yana rataye ne a kan dukiyar da aka tsare mata.

Akwai abu biyu da za a lura da su. Na farko, yawan ɗalibai lissafin kuɗi ne: an ce 62 saboda iya abin da aka tanada ke nan. Na biyu, waƙafi bai taɓa hanyar koyarwa ba. Ɗalibi yana karanta littafi a gaban malami, malami ya warware, mu'idi ya maimaita, a yi munazara, a haddace matani. In ya kammala, malamin ne ke ba shi ijaza da sunansa, makaranta ba ta ba da shaida. Saboda haka littattafan tarihin malamai suka fi damuwa da lissafa waɗanda mutum ya karanta a wurinsu fiye da ginin da ya zauna.

4.0 Madarasar Kanem a Masar

Mutanen Afirka ta Yamma sun san wannan tsari tun yana sabo. Maƙrizi ya ruwaito cewa a shekarun 640 na hijira, wato wajen shekarun 1240, mahajjatan Kanem sun ba alƙali Alamuddin Ibn Rashiƙ kuɗi a Fusɗaɗ ta Masar, ya gina madarasar Malikiyya, ya kuma karantar a cikinta. Ya ƙara da cewa ta yi suna a ƙasarsu, kuma sukan aiko mata da kuɗi a mafi yawan shekaru. Wannan ya faru 'yan shekaru kaɗan bayan buɗe Mustansiriyya. Daga baya ma, a Azhar, an sami ruwaƙi, wato masaukin ɗalibai, na mutanen Barno.

Abin lura a labarin Maƙrizi shi ne hanyar ɗaukar nauyin. Gini irin na Masar ne, amma kuɗin tafiyarwa aike ne da ke biyo ayarin mahajjata. Makaranta irin wannan tana ƙoshi muddin hanya na buɗe kuma masu aike na raye. Wannan ya fi kusa da al'adar da aka saba a gida, ta ciyar da ilimi daga hannu zuwa hannu.

5.0 Tsarin Ƙasar Hausa: Malami Shi ne Makaranta

A ƙasar Hausa karatu ya kasu mataki biyu. A makarantar allo yaro kan fara da babbaƙu da farfaru, ya wuce haɗa baƙi, ya bi surori har ya yi sauka. A tsangaya ana da matakan ɗalibai sanannu: kolo, da titibiri, da gardi, har a kai ga alaramma da gwani. Gardi yana biya wa ƙanana allo, yana tsawatar musu, don haka aikinsa ya yi daidai da na mu'idi, sai dai babu albashi. A makarantar ilimi, wadda ake yi a zaure ko soron malam, kowane ɗalibi kan zo da littafinsa, ya karanta gwargwadon darasinsa, malam ya fassara da Hausa ko Fulatanci, na gefe suna saurare. A fiƙihu akan tashi daga Ahalari da Ishmawi, a bi Iziyya da Risala da Askari, a kai ga Muhtasar. A nahawu akwai Ajurumiyya da Alfiyya, a tafsiri Jalalaini, a hadisi Muwaɗɗa, sai Ashafa da Ishiriniya a fagen sira da yabon Annabi.

Ta fuskar koyarwa, wannan bai saɓa wa abin da ake yi a Bagadaza ba: littafi, da malami, da ijaza. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusuhi musamman domin ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta, ciki har da yayansa Shehu da Malam Jibrilu ɗan Umar. Abin da ya rage shi ne tambayar abinci, kuma amsarta ta fito daga hanyoyi huɗu.

Hanya ta farko gumin malami da na almajiransa. Da damina almajirai na noma gonar malam, abin da aka girbe ya ciyar da gida da makaranta. Da rani a fita cirani, manyan ɗalibai su yi ɗinkin hula ko na riga, ko rubutun littattafai, ko ƙaramin fatauci. An ruwaito cewa Shehu da kansa yana tufkar igiya domin ya ci daga hannunsa.

Hanya ta biyu alherin jama'a: kuɗin Laraba, da sadakar da ake kawowa idan yaro ya kai wata sura ko ya yi sauka, da zakkar hatsi bayan girbi, da kwanon abincin da gidajen unguwa ke zuba wa almajiri. A tsarin 'Yantaru da Nana Asma'u ta kafa, matan ƙauyuka kan zo ƙarƙashin jagorancin jaji ɗauke da hatsi da zuma da man shanu da makamantansu, ita kuma ta rarraba wa mabuƙata.

Hanya ta uku kyautar sarauta da rabo daga baitulmali. Wannan tana da tsada ta wata fuska, domin tana iya ɗaure bakin malami. A taron Magami, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya raba wa malamai dukiya, Shehu ya ƙi karɓar nasa rabo, ya nemi abubuwa biyar a madadinsa, ciki har da 'yancin yin wa'azi, da sakin fursunoni, da sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bayan kafuwar daula, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗoɗi irin su Wurno, ya kuma himmatu wajen zaunar da jama'a tare da limamai da malamai. Ya kamata a faɗi cewa a ƙarni na 19 gandayen wasu manyan gidajen malamai da na sarauta bayi ne ke noma su, kuma guminsu na cikin abin da ya ba malaman sukunin karatu da rubutu.

Hanya ta huɗu ita ce mafi kusa da waƙafi, wato hurumi. A Barno ana kiran takardarsa maharam: sarki ya rubuta cewa malam wane da zuriyarsa an ɗauke musu haraji da fita yaƙi da sauran hidimomin sarauta. Da irin wannan gata garuruwan malamai suka kafu. Sai dai hurumi yana bin mutum da zuriyarsa ne. Bai ƙayyade yawan ɗalibai ba, bai shardanta a karantar da wani fanni ba. Idan jikoki suka bar karatu, gata na iya saura alhali makaranta ta mutu.

6.0 Dalilan Rinjayen Wannan Tsari

Waƙafin madarasa yana buƙatar dukiya tabbatacciya mai kawo kuɗi da kanta, kamar shagunan dutse da ake haya a Alƙahira, ko gonakin ban-ruwa masu iyaka sananniya. A ƙasar Hausa ta da, fili yana da yawa, hannun da zai noma shi ne ke da ƙaranci. Gonar da babu mai noma ta ba ta ciyar da kowa, gidan ƙasa kuwa sai da yaɓe kafin kowace damina. Dukiyar gaske tana cikin mutane da dabbobi da rumbun hatsi da ayarin fatauci. Wanda ke son ya taimaki malami ya fi masa amfani ya ba shi ɗansa ya yi karatu yana noma, ko ya kai masa dami.

Sannan akwai matsayin ƙasar kanta. A Malikiyya, ƙasar noma da aka ci da yaƙi tana zama waƙafi ga Musulmi baki ɗaya, shugaba yana ba da amfaninta. Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattauna hanyoyin mallakar ƙasa a Ta'alimur Radi. A aikace, rabon gonaki ya kasance a hannun sarakuna da hakimai da dagatai. Turawan mulkin mallaka, da dokar ƙasa ta 1910, sun mayar da filayen Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta ɗora a kan haka. Idan aka haɗa wannan da sharaɗin hauzi da hana mai waƙafi nazirci, za a fahimci dalilin da ya sa waƙafin da ya fi yaɗuwa ya zama na masallatai da rijiyoyi da maƙabartu da littattafai, wato abubuwan da ake amfana da su kai tsaye ba sai da mai tara haya ba.

Kowane tsari da ribarsa da asararsa. Zaure ba ya buƙatar jari, shi ya sa ya kai ilimi ƙauyukan da madarasa ba za ta taɓa isa ba, ya kuma bar malami da 'yancin tashi idan sarki ya matsa. Rauninsa shi ne yana tashi da faɗuwa tare da malaminsa da kuma ƙarfin aljihun maƙwabta. Madarasa tana daɗewa, amma dukiyarta a fili take ga mai mulki. Muhammadu Ali ya karɓe filayen waƙafi masu yawa a Masar a farkon ƙarni na 19, Faransawa kuma suka haɗe hubusin Aljeriya da dukiyar gwamnati bayan 1830, makarantun da suka dogara da shi suka durƙushe.

A ƙarni na 20 an fara ganin makarantu masu aji da albashi a Arewa, kamar makarantar shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, da Nizamiyyar Sakkwato da Marafa Ahmadu Ɗanbaba ya kafa. Wannan ta ƙarshe ta ari sunan Bagadaza, amma makarantun wannan zamani galibi baitulmalin En'e ne, ko gwamnati, ko attajirai, ko kuɗin makaranta ke riƙe su.

7.0 Gwajin Lissafi: Makaranta a Gari Irin Darna Sabon Gari

Jihar Sakkwato ta kafa Hukumar Zakka da Waƙafi a 2016, kuma maganar amfani da waƙafi wajen raba almajirai da bara ta yawaita. Domin a auna maganar, a ƙaddara wata makarantar allo a gari irin Darna Sabon Gari, mai malami ɗaya, da gardawa biyu, da almajirai 40 masu kwana. Alƙaluman da ke tafe duk na ƙaddarawa ne, an zaɓe su domin a ga yadda lissafin ke tafiya.

A ce kowane almajiri na cin buhu biyu na gero a shekara. Almajirai 40 na buƙatar buhu 80. A ƙara buhu 20 na malam da iyalinsa da gardawa, ya zama buhu 100. Idan hekta ɗaya na ba da buhu takwas a damina mai kyau, ana buƙatar hekta 12 da rabi. Idan kuwa manoma aka ba gonar a raba amfani biyu, sai an sami hekta 25. Har yanzu ba a yi maganar mahaɗin miya ba, ko itacen girki, ko magani, ko sutura, ko shekarar fari. Attajirin da ya ba da gona mai hekta biyu ya yi alheri, amma buhu 16 da za ta bayar abincin almajirai takwas ne kacal. Wannan shi ne darasin 62 na Mustansiriyya: waƙafi yana aiki ne idan an ɗaure yawan ɗalibai da yawan abin da ke shigowa. Makarantar da ke karɓar duk wanda aka kawo ba tare da guzuri ba za ta koma bara komai girman gonarta.

Garin kan iyaka yana da wata dama, wato kasuwa. Illela matattarar dabbobi ce da hatsi da albasa, don haka shaguna da rumbunan ajiya na iya kawo haya. Amma hayar tana bin buɗewar iyaka. An rufe iyakokin ƙasa na Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Waƙafin da ya dogara ga shaguna kaɗai zai kama yunwa a irin waɗannan watanni, kamar yadda na gona kaɗai zai kama ta a shekarar fari. Haɗa gona da shago, da fadama idan an samu, shi ne ke rage haɗarin.

Wuraren da irin wannan waƙafi ke lalacewa sanannu ne, kuma kowanne yana da alama. Idan mai waƙafi ya furta a masallaci cewa ya ba da gona, amma shi ke noma ta har ya rasu, babu hauzi, kuma magada na da hujja a gaban alƙali. Alamar wannan ita ce a tambayi wanda ya karɓi amfanin gonar bara. Idan an miƙa dukiyar ga malam ba tare da takarda ba, bayan rasuwarsa 'ya'yansa za su lissafa ta cikin gado, saboda kowa ya saba kiranta gonar malam. Maganinsa a rubuta cewa an tsare ta ne ga makarantar da duk wanda ke karantarwa a cikinta, a sa shaidu, a iyakance filin, a kuma yi rajistarsa da hukuma. Idan ana rabe duk kuɗin haya ba a ware na gyara ba, rufin shago zai zube, ɗan haya ya tashi. Saboda haka malaman fiƙihu suka gabatar da gyaran dukiyar waƙafi a kan rabon masu amfana. A Malikiyya abin ya fi tsanani, domin a magana mashahuriya ba a sayar da gini ko filin hubusi ko da ya rushe. Idan aka rubuta albashin malami da adadin naira, hauhawar farashi za ta cinye shi cikin 'yan shekaru, don haka ya fi tsira a rubuta shi da kaso ko da buhun hatsi. Idan kuma naziri ɗaya ne, ba ya karanta lissafi a gaban kowa, babu hanyar bambance amintacce da maci amana sai bayan dukiya ta ƙare.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa madarasar waƙafi da zauren malam sun haɗu a hanyar koyarwa, sun rabu a hanyar ciyarwa. A Bagadaza an tsare dukiya aka rataya malami da ɗalibi a kanta. A ƙasar Hausa an dogara ga malami, da gonarsa, da maƙwabtansa, da hurumin da sarki ya ba shi, kuma wannan ya dace da zamanin da fili ke da yalwa, makaranta kuma ba ta fi ƙarfin unguwarta ba. Yanzu gonaki sun ƙuntata, garuruwa sun cika, nauyin ya koma kan yaro da kwanonsa. Waƙafi na iya ɗaukar wani ɓangare na nauyin, da sharaɗin a cika hauzi, a rubuta takarda, a raba nazirci da malanta, a kuma daidaita yawan almajirai da yawan amfani. Akwai aikin da ke jiran manazarta Hausa a nan: tattara takardun hurumi da na hubusi da ke hannun gidajen malamai da kotunan shari'a, da rubutun waƙafi da ke bangon tsofaffin littattafai, da kuma kalmomin da jama'ar Illela da Gwadabawa da Ƙonni ke amfani da su wajen ambaton gonar da aka bar wa makaranta.